Yadda Ake Gyara Take da Layin Ƙasa na Imel ɗin Talla Idan Mutane Ba Sa Buɗewa

Wanda ya ɗaga wayarsa ya leƙa akwatin imel abu uku yake gani game da saƙonka kafin ya yanke shawarar taɓa shi ko ya wuce: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, sai ɗan rubutu mai launin toka a ƙarƙashin taken. A manhajojin tura talla irin su Mailchimp za ka tarar da su a gurabe uku: `From name`, `Subject` da `Preview Text`. Na ukun shi zan riƙa kira layin ƙasa. Yawancin masu shago suna kwana suna tsara hotuna da launukan cikin saƙo, sai a minti na ƙarshe su rubuta take da gaggawa, layin ƙasa kuwa su bar shi wayam. Alhali mai karatu ba zai taɓa ganin hotunan ba idan waɗannan layukan ba su tsayar da shi ba.

Domin kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce shago ne a Samaru, a Zariya, da ke sayar da laftof na hannu, kuma yawancin kwastomominsa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne da wasu malamai. Shagon ya tara adireshin imel 1,200 na mutanen da suka taɓa saye ko gyara, suka kuma yarda a riƙa turo musu saƙo. A saƙon ƙarshe, 60 sun dawo saboda adireshin ya mutu, 1,140 sun isa, mutum 125 suka buɗe. Kason buɗewa ana lissafa shi ne da waɗanda suka isa, ba da waɗanda aka tura ba: 125 cikin 1,140, wato kusan kashi 11 cikin ɗari. Lambobin na misali ne, amma hanyar lissafin haka take.

Kafin ka taɓa take, tabbatar shi ne mai laifin

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake hana a ɓata mako ana goge jimlar da ba ta yi komai ba. Saƙon da ya faɗa `Spam` ba mai ganin takensa, ko da zinari aka rubuta shi.

Ka nemi adireshi uku ko huɗu na mutanen gida da yaran shago, akasari Gmail tunda shi ne a kusan kowace wayar Android, ka saka su cikin jerin sunayen kamar kowane kwastoma. Idan saƙo ya fita, ka duba inda ya sauka a kowace waya. Idan a `Promotions` yake, babu damuwa, nan ne gidan saƙon talla, kuma a nan ne take mai kyau yake aiki. Idan a `Spam` yake, ka buɗe shi a kwamfuta, ka danna ɗigo uku da ke gefen saƙon, ka zaɓi `Show original`. Za ka ga layuka uku, `SPF`, `DKIM` da `DMARC`, waɗanda su ne shaidar cewa saƙon daga wurinka ya fito da gaske. Kowanne ya kamata ya nuna `PASS`. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan shaida, musamman ga masu tura saƙo da yawa. Abin da ya fi jefa ƙananan shaguna cikin matsala shi ne tura talla ta manhaja da adireshin kyauta mai ƙarewa da `@gmail.com`. Maganinsa shagon ya mallaki adireshinsa na kansa, a haɗa shi da manhajar. Wannan aiki ne dabam da gyaran take, kuma shi za a fara yi.

Sannan ka dubi tarihin saƙonninka na baya. Idan kana samun kashi 25 sai kwatsam ka faɗo 11 a saƙo ɗaya, ka zargi isar saƙon kafin ka zargi kalmomi. Idan kuwa a hankali yake zamewa wata bayan wata, to ko dai mutane sun gaji da irin takenka, ko jerin sunayen ya tsufa. A garin ɗalibai irin Zariya na biyun ba abin mamaki ba ne: wanda ya sayi laftof yana aji biyu, yanzu ya gama, yana bautar ƙasa a wata jiha, ba shi da wata hulɗa da shagon Samaru.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da lambar kanta. Manhajar ba ta ganin mutum yana karatu. Wani ɗan hoto ne mitsitsi, wanda ido ba ya gani, take ɓoyewa cikin saƙon, idan wayar ta sauke shi sai a ƙirga an buɗe. Saboda haka wanda ya kashe sauke hotuna don tattalin data zai karanta saƙonka tas ba a ƙirga shi ba. Haka nan Gmail yana datse saƙon da ya wuce 102KB ya rubuta `[Message clipped]` a ƙasa, kuma tunda ɗan hoton nan galibi a ƙarshen saƙo yake zama, sai ya tafi tare da abin da aka datse. A ɗaya ɓangaren kuma, tun Satumban 2021 manhajar Mail ta Apple ta samu tsarin da yake sauke hotunan saƙo da kansa ko mutum bai buɗe ba, wanda ke kumbura lambar. Ke nan kason buɗewa ma'auni ne mai karkata. Yana da amfani wajen gwada saƙo da saƙo a jerin sunaye ɗaya, amma kada ka ɗauke shi kamar ƙidayar kai.

Dubi layukan yadda kwastoma yake ganin su

A misalinmu a ce an duba, saƙon yana sauka `Promotions` lafiya. Yanzu sai mu ɗauki wayar yaron shago, ba kwamfutar da aka rubuta saƙon a kai ba, mu ga abin da ya bayyana. Ga abin da aka rubuta:

Mai aikowa: info
Take: SANARWA TA MUSAMMAN GA DUKKAN ABOKAN HULƊARMU MASU DARAJA!!!
Layin ƙasa: View this email in your browser

A fuskar waya taken ba ya fitowa duka. Abin da ake gani haruffa 30 zuwa 40 ne, gwargwadon faɗin wayar da girman rubutun da mai ita ya saita, kuma manyan baƙaƙe sun fi cin wuri. Sai ya tsaya a wajen "SANARWA TA MUSAMMAN GA DUKKAN ABO…". Ɗalibin da ya ga wannan bai san wane ne info ba, bai san sanarwar mece ce ba, layin ƙasa kuma wani umarni ne da Turanci wanda manhajar ta kwaso daga saman saƙon domin an bar gurbin babu komai. Layuka uku, babu kalmar laftof ko sau ɗaya. Kamar allon shago ne a bakin titin Samaru wanda mai wucewa a Keke Napep yake da daƙiƙa ɗaya ya karanta, sai aka cika shi da gaisuwa aka manta da rubuta abin da ake sayarwa.

Sunan mai aikowa shi ya fi sauƙin gyara, kuma a Gmail na waya shi ne yake sama, ido a kansa yake fara sauka. Ka sa sunan da mutane suke kiran shagon da shi a baki, ba cikakken sunan da ke kan takardar rajista ba. Idan mai shagon aka fi sani, ka haɗa sunansa da na shagon a taƙaice. Da zarar ka zaɓa kada ka riƙa canzawa, domin sabo da sunan ne yake sa a tsaya. Ribar wannan ita ce ba sai ka sake ambaton sunan shagon a cikin take ba, ka tsira da haruffa goma sha wani abu.

Gyaran taken kansa

Kada ka fara da neman kalmomi masu daɗi. Ka buɗe saƙon ka karanta, ka rubuta a takarda abin da ke ciki wanda mutum zai iya taɓawa ko ya ƙirga. A namu: laftof HP EliteBook 840 G5 guda 14 sun iso, kowanne ₦260,000, ana iya biyan rabi yanzu rabi ƙarshen wata, akwai garantin wata uku, kuma tsarin biya kashi biyu zai rufe ranar Juma'a. Abu biyar ke nan. Take zai ɗauki ɗaya ko biyu, layin ƙasa ya ɗauki saura. Idan ka karanta saƙonka ba ka samu ko abu ɗaya irin wannan ba, to matsalar ba a take take ba, saƙon ne ba shi da labari.

Gwaji na farko da kusan kowa yake rubutawa shi ne irin wannan: "Sababbin laftof sun iso shagonmu na Samaru, ku zo ku gani". Ya fi na da nesa ba kusa ba, tunda aƙalla an ambaci kayan. Amma haruffa 57 ne, rabin ƙarshe zai faɗi. "Shagonmu na Samaru" maimaici ne, sunan mai aikowa ya riga ya faɗa. "Ku zo ku gani" ba ta ƙara komai. Sannan "sababbin" tana da haɗari, domin kayan na hannu ne. Mai shago yana nufin sababbin zuwa, mai karatu zai fahimci sababbi a kwali, ya buɗe ya ga ba haka ba, gobe ba zai sake yarda da takenka ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma tambayar ita ce wa kake yi wa magana. Idan mutanen jerin sun san kan kwamfuta, suna kwatanta farashi tsakanin Samaru da Sabon Gari da abin da suke gani a intanet, to samfuri da kuɗi ne za su tsayar da su:

EliteBook 840 G5 a ₦260,000, guda 14

Haruffa 36, kuma ko an datse wutsiyar, suna da farashi sun riga sun shiga. Idan kuwa yawancinsu 'yan ajin ƙarshe ne da furojet ya taso musu, waɗanda lambar samfuri ba ta dame su ba, abin da ke hana su barci shi ne yadda za su haɗa kuɗin a dunƙule. Su wannan ne nasu:

Laftof ɗin furojet: biya kashi biyu

Haruffa 35. Ni a jerin ɗalibai na biyun zan fi karkata gare shi, domin farashi a take yana iya korar wanda da ya ga akwai sauƙin biya zai tsaya. Amma wannan hasashe ne, kuma a ƙasa za mu ga yadda ake gwada shi.

Ka lura da inda kalma mai nauyi ta zauna a duka biyun: a farko. Jimlar Hausa ta ladabi tana son shimfiɗa, "muna farin cikin sanar da ku cewa", kuma a wasiƙa hakan daidai ne. A take kuwa shimfiɗar ce take cinye gurbin duka. Ka rubuta jimlar yadda ta zo maka, sannan ka nemi kalmar da idan aka cire ta saƙon ya mutu, ka jawo ta gaba, ka zubar da duk abin da ya riga ta.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe da alamar motsin rai uku suna sa saƙo ya yi kama da na 'yan damfara. Saka `Re:` ko `Fwd:` a gaban talla don a zaci amsa ce zai ɗaga lambar sau ɗaya, ya kuma jawo mutane su danna `Report spam`, wanda shi ne abin da ke kashe saƙonninka na gaba. "Rana ta ƙarshe" sai idan da gaske ta ƙarshe ce. Harshen take kuma ya zama harshen cikin saƙo. Jerin ɗaliban jami'a ya haɗa Bahaushe da wanda ba ya jin Hausa, don haka idan za ka rubuta da Hausa, ka ware waɗanda ka san suna karanta ta.

Batun saka sunan mutum a take, wato `*|FNAME|*` a Mailchimp, sai ka fara duba jerinka. Idan a littafin shago aka kwafo sunayen, za ka tarar wani an rubuta masa "Alh.", wani sunansa duka da manyan baƙaƙe, wani lambar waya ce a gurbin suna, wani babu komai. Kuma akwai malamai da dattawa a ciki waɗanda kiran sunansu gatsau babu Malam babu Dakta ba zai yi musu daɗi ba. Idan jerin bai tsabtata ba, ka haƙura da sunan.

Layin ƙasa: ci gaban take ne, ba maimaicinsa ba

A nan ne ake samun riba mai arha, domin yawancin saƙonnin da ke kewaye da naka a `Promotions` sun yi watsi da wurin. Idan ka bar gurbin wayam, manhajar imel za ta ɗauko rubutun farko da ta tarar a saƙon. Wani lokaci umarnin Turancin nan ne, wani lokaci sunan hoton tambarin shago. A saƙonnin Hausa kuwa sau da yawa sallama ce: "Assalamu alaikum wa rahmatullahi, muna fatan kuna…" sai wuri ya ƙare. Ba cewa ake a daina sallama ba. Ta zauna a farkon saƙon inda ta dace, kai dai ka cika gurbin `Preview Text` da hannunka domin kada ta zama ita ce abin da ake gani daga waje.

Ka koma takardar nan ta abubuwa biyar, ka ɗauko waɗanda take bai ɗauka ba, ka jera su daga mafi nauyi. Ga take na biyu, tambayar da za ta faɗo wa mai karatu ita ce: kashi biyu yaya? Sai layin ƙasa ya amsa:

Rabi yau, rabi ƙarshen wata. Garantin wata 3. Guda 14 ne, har Juma'a.

Waya za ta nuna kusan haruffa 40 na farko, kwamfuta ta nuna fiye, shi ya sa aka yanka shi gajerun jimloli waɗanda ko'ina aka datse ma'ana ba ta karye ba. Ga take na farko mai farashi kuwa, layin ƙasa sai ya fara da abin da zai rage zafin kuɗin: "Ana iya biyan rabi yau, rabi ƙarshen wata." Gwajin da nake yi shi ne in karanta layukan uku da ƙarfi a jere, suna, take, layin ƙasa. Idan na ji kalma ta maimaitu, an yi asarar wuri. Idan na ji kamar mutum biyu ne suke magana, layin ƙasa bai ɗora daga inda take ya tsaya ba.

Idan manhajarka ba ta da wannan gurbi, ko da hannu kake rubuta HTML ɗin saƙon, ka saka wannan nan da nan bayan `<body>`:

```html
<div style="display:none;max-height:0;overflow:hidden;">
Rabi yau, rabi ƙarshen wata. Garantin wata 3.
‌ ‌ ‌ ‌ 
</div>
```

Rubutun ba zai fito a cikin saƙon ba, amma akwatin imel zai ɗauke shi. Layin `‌ ` fili ne marar ganuwa, ana maimaita shi da yawa, fiye da yadda na nuna, domin ya ture rubutun da ke biye kada ya manne a bayan jimlarka a allo mai faɗi.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da alamar naira, suna buƙatar tsarin UTF-8. Idan wani wuri a hanya bai bi shi ba, "ƙarshen" za ta koma `Æ™arshen`, ₦ kuma ta zama `â‚¦`. Manyan manhajoji suna sarrafa wannan da kyau idan a cikinsu ka buga rubutun. Inda abin yake ɓaci shi ne jerin sunayen da aka fitar daga Excel, don haka wajen adanawa ka zaɓi `CSV UTF-8`. Ko ma yaya, ka tura wa kanka gwaji ka duba a waya ƙarama mai arha, ba a taka mai tsada kaɗai ba. Idan alamar naira ta fito kamar akwati, ka rubuta N260,000 kawai.

Gwada biyun, ka san abin da lambar za ta iya faɗa maka

Yanzu muna da take biyu, kowanne da layinsa. Ka raba mutum 1,140 gida biyu ba tare da zaɓe ba, 570 kowanne, ka tura a rana ɗaya, awa ɗaya, da suna ɗaya da ciki ɗaya. Idan ka tura ɗaya da safe ɗaya bayan Isha'i, ba za ka san take ne ya yi aiki ko lokaci ba. Ka kuma ba shi kwana biyu kafin ka duba, domin ɗalibin da data ta ƙare masa yau sai gobe zai gani.

A ce na farko ya samu buɗewa 86, kusan kashi 15, na biyu ya samu 103, kusan kashi 18. Duka sun wuce 11 na da, wannan a fili yake. Amma tsakaninsu fa? Mutum 17 ne kacal. A rukuni mai girman 570, tazarar da ba ta wuce maki 4 ba tana iya zama sa'a ce kawai, gobe ka sake ta juye. Shi ya sa tsarin nan na wasu manhajoji, na gwadawa a kan kashi goma-goma sannan a tura wanda ya ci ga saura, bai dace da ƙaramin jeri ba: mutum 114 a kowane gefe sai an samu tazarar kusan maki 10 kafin a gaskata ta. Abin yi shi ne ka maimaita irin gwajin a saƙonni uku ko huɗu, farashi a gefe ɗaya, buƙatar mai saye a ɗaya gefen. Idan salo ɗaya yana ta rinjaye, ka san mutanenka.

Kuma kada idonka ya tsaya a buɗewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka dubi mutum nawa suka danna mahaɗin WhatsApp na shagon da ke cikin saƙon, nawa suka cire kansu daga jerin, nawa suka zo suka ce a imel suka gani. Zai iya yiwuwa take mai farashi ya samu buɗewa kaɗan amma dannawa ta fi yawa, saboda duk wanda ya buɗe ya riga ya ga kuɗin ya amince. Idan haka ta faru shi ne ya ci, ko da lambar buɗewarsa ta fi ƙasa. Idan kuma buɗewa ta hau sosai dannawa ta tsaya cik, taken ya yi alkawarin da cikin saƙon bai cika ba, sai ka koma ka ga ko abin da ya ambata yana nan a saman saƙon ko an binne shi a ƙasan hotuna.

Waɗanda ba su buɗe ba za ka iya sake tura musu bayan kwana biyu ko uku da taken da ba su gani ba, amma sau ɗaya tak, kuma ka gyara lambobin: idan laftof 9 suka rage, kada layin ƙasa ya ci gaba da cewa 14. Wanda kuma ya yi wata shida bai buɗe ba bai danna ba, ka tura masa saƙo guda mai take kai tsaye, "Mu ci gaba da turo maka saƙo?", idan bai amsa ba ka cire shi daga jerin.